Yadda ake lissafin kuɗin ƙaura daga Kano zuwa Abuja kafin a ɗaure kaya

Wanda ya samu aiki a Abuja, tambayar farko da yake yi ita ce nawa ne hayar gida. Da an faɗa masa sai ya riƙe wannan adadi a ransa, ya ɗauka shi ne kuɗin ƙaura. A gaskiya kuɗin haya bai cika kai rabin abin da zai fita daga aljihunka ba daga ranar da ka fara neman gida zuwa ranar da albashin farko ya shigo. Bayanin da ke ƙasa zai bi lissafin magidanci ɗaya, mai mata da yaro ɗaya, da ya samu aiki a Wuse a kan albashin naira 350,000 a wata. Duk alƙaluman misali ne. Farashi na sauyawa, musamman tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, don haka ka cire nawa ka sa naka, tsarin lissafin ne ba ya canzawa.

Abubuwan da za ka tanada

Ka samu littafi guda mai layi da biro, ka ware shi don wannan aiki kawai. Ka ajiye takardar ɗaukar aikinka kusa, domin a cikinta ne za ka ga ranar kama aiki da ko akwai alawus na ƙaura. Kana buƙatar sanin ainihin abin da zai shigo asusunka bayan an cire haraji da fansho, domin adadin da ke kan takarda ya fi shi. Sai lambar mutum biyu aƙalla da ke zaune a Abuja yanzu, waɗanda suke shiga motar haya kullum. Ɗan'uwanka mai mota da direba ba zai iya faɗa maka kuɗin mota daga Kubwa zuwa mahaɗar Berger da ke cikin gari ba. Na ƙarshe, asusun banki na biyu da babu katin cire kuɗi a kansa. Idan ba ka da shi, ka ba wani dattijo amintacce ajiya, ku rubuta.

1. Raba shafi gida uku

Ka rubuta kanu uku: kuɗin shiga gida, kuɗin ɗaukar kaya, kuɗin riƙon ƙwarya. Na ukun shi ne abin da za ku ci, ku sha, ku shiga mota kafin albashi ya daidaita. Dalilin rabawar shi ne dillali zai nuna maka gidan da ya fi ƙarfin kason farko, ka ce bari in ɗan taɓa na ukun. Da ka taɓa, ka shiga gida mai kyau babu kuɗin cefane. Dokar ita ce wani kaso ba ya ranta wa wani.

2. Zaɓi unguwa da lissafin haya da mota a haɗe

Nan ne aka fi yin kuskure, don haka za mu daɗe a kai. Abuja gari ne da aiki yake tsakiya, a Wuse da Garki da Maitama da yankin sakatariya, ma'aikata kuma suna kwana a gefe: Kubwa, Dutse Alhaji, Lugbe, Karu, Nyanya, Kuje, Gwagwalada, ko ma a wata jiha, kamar Mararaba da Masaka a Nasarawa, ko Suleja a Neja. Iya nisanka da tsakiya, iya sauƙin haya, iya kuma tsadar mota. An hana acaɓa a tsakiyar gari, Keke Napep ma ba ko'ina yake shiga ba, saboda haka tafiya ɗaya takan zama hawa biyu ko uku: babur daga gida zuwa bakin titi, mota zuwa gari, wata motar zuwa ƙofar ofis.

Ga yadda ake auna su. Ka tambayi kuɗin zuwa da dawowa na rana ɗaya, har da babur ɗin cikin unguwa. Ka ninka da kwana 22 na aiki, sannan da wata 12. A taƙaice ka ninka da 264. Abin da ya fito ka haɗa shi da hayar shekara.

A misalinmu an samu ɗaki da falo a wuri uku. Na farko kusa da gari, haya 1,800,000, mota 1,000 a rana, wato 264,000 a shekara, jimla 2,064,000. Na biyu a Kubwa, haya 1,200,000, mota 2,500 a rana, wato 660,000, jimla 1,860,000. Na uku a Masaka, haya 700,000, mota 4,500 a rana, wato 1,188,000, jimla 1,888,000. Ka ga gidan da ya fi kowanne araha a baki ya fi na Kubwa tsada idan shekara ta zagayo, ban da awannin da za ka ɓata a cunkoson hanyar Mararaba zuwa Nyanya zuwa shataletalen AYA safe da yamma.

Duk da haka ban ce a yi watsi da gida mai nisa ba. Kuɗin haya ana biyansa dunƙule ne tun kafin ka shiga, kuɗin mota kuwa kullum kaɗan-kaɗan ne daga albashi. Wanda bai da miliyan ɗaya da wani abu a hannu, gidan nesa shi ne ƙofar da ta buɗe masa. Abin nufi shi ne ya shiga da saninsa, kada ya ɗauka ya samu rangwame. Haka kuma idan wurin aikinka yana da motar ma'aikata, lissafin ya juye gaba ɗaya, sai ka nemi gida a kan hanyar da motar take bi.

Idan ka tambayi kuɗin mota, ka tambayi na ƙarfe shida na yamma da na ranar da aka yi ruwa, domin a lokacin ne direbobi suke ƙarawa. Kada kuma ka gina lissafinka a kan tsayar da kowace mota a bakin titi don ta fi araha. Masu fashi a cikin motar haya, waɗanda ake kira 'yan wan-cans, baƙon da bai san gari ba suka fi samu. Ka sa kuɗin shiga mota a tasha.

3. Lissafa abin da ke bin bayan haya

A Kano mutum kan iya samun gida ta hannun maƙwabci ko mai unguwa, ya ba da ɗan goro, wani lokaci ma mai gida ya karɓi rabin shekara. A Abuja al'adar ita ce shekara guda cur a gaba, wasu masu sabon gini ma su nemi biyu. Sannan akwai jerin kuɗaɗe da ba a faɗa maka sai ka nuna kana so.

La'adar dillali yawanci kashi 10 cikin ɗari na hayar ce. Kuɗin lauya, wato na rubuta yarjejeniya, yakan kai kashi 5 zuwa 10. Sai kuɗin ajiya na ɓarna, wanda dillalai suke kira koshin, da ake cewa za a mayar maka ranar da za ka tashi idan ba ka lalata komai ba. Idan gidan cikin rukunin gidaje yake mai ƙofa da maigadi, akwai kuɗin hidima na shekara, na tsaro da kwashe shara da famfon burtsatse. Sannan dillali yana karɓar kuɗin duba gida tun kafin ya kai ka, ko ka so gidan ko ba ka so ba.

A gidan Kubwa na misalinmu: haya 1,200,000, dillali 120,000, lauya 120,000, ajiya 100,000, duba gidaje huɗu 20,000, gyaran famfo da ragar sauro da sauya makulli 60,000. Jimla 1,620,000. Wato an ɗora kashi 35 cikin ɗari a kan hayar. Saboda haka duk adadin da aka faɗa maka, ka ƙara masa kashi ɗaya cikin uku kafin ka ce kana iyawa. Idan kana waya da dillali, kada ka tambaye shi nawa ne haya, ka ce masa nawa ne duka-duka har a miƙo maka makulli.

Kuɗin dillali da na lauya ana ciniki a kansu, musamman idan mutum ɗaya ne yake karɓar duka biyun. Kuɗin ajiya kuwa, a lissafinka ka ɗauke shi a matsayin wanda ya tafi. Don ka samu damar karɓo shi, ranar da za ka shiga ka ɗauki hoton bango da tayil da ƙofofi da banɗaki, ka tura wa mai gidan, kuma a rubuta adadin ajiyar da sharaɗin mayar da ita a cikin yarjejeniya.

4. Duba abin da zai riƙa cin kuɗi bayan ka shiga

Kafin ka biya, abu uku za ka bincika da idonka.

Na farko mita. Ka ga ko ta kati ce, ka kuma ga ko taku ce ku kaɗai ko ana tarayya da maƙwabta. Mitar tarayya rigima ce, domin mai firji ɗaya zai biya wa mai na'urar sanyaya ɗaki. Ka karɓi lambar mitar ka sayi wutar 2,000 da kanka. Idan yunit ɗin da aka ba ka ya gaza abin da ya kamata sosai, akwai tsohon bashi a kanta da AEDC, kamfanin rarraba wutar Abuja, yake cirewa duk lokacin da aka saya, kuma kai ne za ka riƙa biya. A sasanta wannan da mai gida a rubuce tukuna. Ka tambayi kuma rukunin da layin wutar unguwar yake. A watan Afrilun 2024 an ɗaga farashin masu Band A, waɗanda aka yi wa alƙawarin wutar awa 20 a rana, zuwa sama da naira 200 kowane yunit. A wannan farashi, wutar 20,000 ba ta kai yunit 100 ba, kuma dutsen guga da abin dafa ruwa na lantarki za su cinye ta kafin wata ya ƙare.

Na biyu ruwa. Ka buɗe famfo ka gani, sannan ka tambayi maƙwabci, ba dillali ba, ko rijiyar burtsatsen tana ƙafewa a watan Maris da Afrilu. Idan a ƙofar gidan ka ga 'yan garuwa da kura suna kai da kawowa, ka tambayi kuɗin jarka, ka lissafa jarka nawa iyalinka suke ƙararwa a rana, ka sa a kasafin wata.

Na uku matsayin ginin. Idan ka ga jan fenti na hukuma a bangon gidan ko na maƙwabta, alamar rusau ce, kada ka biya shekara a wurin. Ka duba ƙasan bango ko akwai layin da ruwa ya taɓa kwanciya, domin wasu sassan Lugbe da Lokogoma suna fama da ambaliya da damina.

Wajen biya, ka tura kuɗin ta banki zuwa asusun da sunansa ya yi daidai da sunan da ke kan yarjejeniya, mai gida ko lauyansa. Kada ka tura ko sisi daga Kano a kan hoton gida da aka turo maka ta waya, ko da an ce wani yana nan zai biya yau. Idan ba za ka iya zuwa ba, ka wakilta wanda zai shiga gidan da ƙafarsa ya gana da mai shi.

5. Ɗaukar kaya: me za a ɗauka, me za a sayar

Daga Kano zuwa Abuja, ta Zariya da Kaduna, tafiyar sama da kilomita 400 ce. Motar kaya irin Kanta shata ake ɗaukarta, kuma direba yana lissafa man dawowa a cikin kuɗin. Saboda haka mafi sauƙi shi ne ka samu motar da ta kawo kaya Kano za ta koma wajen Abuja babu lodi. Ka tambaya a tasha ta hannun shugabannin ƙungiyar direbobi, don ka san inda za ka koma idan wani abu ya faru.

Ka jera kayanka, kowanne ka tambayi kanka: idan na sayar da shi a nan na sayi irinsa can, nawa zan cika? Idan cikon bai kai kason da zai ci a kuɗin mota ba, ka sayar. Firji, injin ɗinki, janareta, katifa mai kyau, tukunyar gas, waɗannan a ɗauka. Tsohuwar kujera da durowar katakon da aka matse da gam, waɗanda ba sa jure kwancewa da ɗaurawa, a bar su. Amma kayan ɗakin matarka nata ne, iyayenta suka yi mata, ba a sa su a jerin sayarwa sai da yardarta. Idan ɗakin Abuja ba zai ɗauke su ba, ku nemi inda za a ajiye a gida.

Abin da ya cancanci gurbi a mota shi ne abinci. Buhun shinkafa, masara, wake, gero, busasshen tattasai da kuɓewa da kuka, idan ka saye su a Dawanau ko wata kasuwar Kano, za su rage maka nauyin watannin farko sosai, tunda motar ka riga ka biya ta.

Ku yi magana da direba a kan komai kafin a ɗora kaya: kuɗin ya haɗa da na kan hanya da na masu karɓar haraji ko a'a, wa zai biya 'yan dako, har ƙofar gida zai kai ko bakin titi. Ka ba da rabi a Kano, rabi bayan an sauke. Ka sa mutum ɗaya ya bi motar, da rasit ɗin janareta da talabijin da takardun babur a hannunsa saboda shingayen bincike. A tashi da asuba don a yi hanyar Kaduna da rana. A kwashe man janareta, a rufe tukunyar gas da kyau, firji kuma a tsaye ake ɗora shi, in an sauke a bar shi wasu awanni kafin a kunna.

Lissafin misalinmu: mota 250,000, 'yan dako a ɓangare biyu 30,000, igiya da kwali da tamfol 15,000, abin da ka iya tasowa a hanya 15,000, kuɗin motar iyali 30,000. Sai wanda ake mantawa, tafiyar neman gida da ka yi tun farko, mota da abinci na 'yan kwanaki, 60,000. Jimla 400,000.

6. Riƙon ƙwarya

Ka tambayi ofishin kuɗi na wurin aikinka, ba abokin aiki ba, ranar da sabon ma'aikaci yake fara ganin albashi. A kamfani yawanci ƙarshen watan farko ne, wani lokaci ma na kwanakin da ka yi kawai. A aikin gwamnatin tarayya sai an shigar da sunanka tsarin biyan albashi na IPPIS, wannan kuwa yakan ɗauki watanni, daga baya a biya ka bashin a dunƙule. Akwai alawus ɗin kwana 28 na farko da dokokin aikin gwamnati suka tanada, ka nema a rubuce, amma kada ka sa shi cikin kuɗin da za ka ci, domin ba a san ranar fitarsa ba. Mai aikin kamfani ya tanadi kuɗin wata biyu, mai aikin gwamnati wata uku zuwa sama.

Kasafin wata a misalinmu: abinci 130,000, mota 55,000, wuta 20,000, ruwa 15,000, gas 15,000, kati da data 10,000, magani da ƙananan buƙatu 15,000. Jimla 260,000. Wata biyu 520,000.

Watannin farko sun fi sauran tsada saboda dalilai sanannu. Ba ka san kasuwa ba, kana saye a shagon unguwa maimakon ka je kasuwar Dutse ko Dei-Dei ko Zuba ka sayo da yawa. Ba ka san hanya ba, kana ɗaukar shatar mota inda ɗan gari zai shiga ta ɗari biyar. Ba mai shagon da ya san ka balle ya ba ka bashi zuwa ƙarshen wata, ba kuma gidan yaya ko gwaggo da za a aiko da tuwo. Sannan sabon gida yana da ƙananan buƙatu marasa iyaka: labule da sandarsa, ƙwan fitila, bokiti, durom na ruwa, tsintsiya, wayar jona wuta. Ka ware musu 150,000 a dunƙule. Makarantar yaro, da kuɗin shiga da yunifom da littattafai, 90,000. Idan da hali ka daidaita ƙaurar da hutun ƙarshen zango, kada ka biya kuɗin zango ɗaya a makaranta biyu. Kaso na uku ya zama 760,000.

Ka duba kuma hayar gidanka na Kano. Idan saura wata biyar ta ƙare, ka yi magana da mai gidan tun da wuri ko zai yarda wani ya shiga ya mayar maka da ragowar.

7. Haɗa jimla, sannan ka gwada ta da albashi

Shiga gida 1,620,000, ɗaukar kaya 400,000, riƙon ƙwarya 760,000. Sun zama 2,780,000. Ka ƙara kashi 10 cikin ɗari na ko-ta-kwana, 278,000, ka samu 3,058,000. Mutumin da ya fara da tunanin 1,200,000 yana buƙatar ninki biyu da rabi.

Saura gwaji na ƙarshe, wanda shi ne yake nuna ko gidan naka ne. Hayar baɗi za ta zo a dunƙule, saboda haka ka raba ta 12 ka riƙa cirewa kowane wata zuwa asusun nan na biyu, ranar da albashi ya shigo. A misalinmu 100,000 ne. Albashi 350,000, a cire kasafin wata 260,000, saura 90,000. Bai kai ba, ga giɓin 10,000, alhali ba a sa kuɗin makaranta na zango mai zuwa ba, ba a sa abin da za a aika wa iyaye ba, ba a sa tafiyar Sallah ba, ba a kuma yi zaton mai gida zai ƙara haya ba. Wannan gida ya fi ƙarfin wannan albashi, ko da kuɗin shigarsa suna hannu.

8. Idan lissafin bai fita ba

Hanya mafi sauƙi ita ce ka tafi kai kaɗai da jaka ɗaya, iyali su zauna a Kano wata uku zuwa shida. Ka sauka wurin ɗan'uwa ko abokin aiki, ku yanke wa'adi da abin da za ka riƙa bayarwa na wuta da abinci tun ranar farko, don kada zumunci ya yi tsami. A wannan lokaci za ka san unguwanni da ƙafarka, albashi ya daidaita, kuma ka iya samun gida ta bakin abokan aiki ko mutanen masallaci babu dillali. Sai dai ka rubuta cewa tukunya biyu kake ɗorawa, ga kuɗin motar zuwa ganin gida ko sau ɗaya a wata. Idan abin ya wuce wata shida, yakan cinye abin da ake cewa ana tarawa.

Hanya ta biyu ita ce rage gidan: ɗaki ɗaya mai banɗaki da kicin a ciki maimakon ɗaki da falo, a shekarar farko. Idan hayarsa 700,000 ce a Kubwa ɗin, ajiyar wata ta sauko ƙasa da 60,000, kuɗin dillali da na lauya ma sun ragu tare da ita, kayan da za a ɗauko kuma sun ragu.

Idan dole sai an ci bashi, a ci shi a kan kuɗin shiga gida kawai, daga wurin aiki, ko ƙungiyar adashen ma'aikata, ko ɗan'uwa, sannan a rubuta abin da za a riƙa biya duk wata a cikin kasafin mataki na 6, a sake gwajin mataki na 7 da sabon adadin. Bashin manhajojin waya mai wa'adin mako biyu ko wata ɗaya bai dace da wannan ba, domin wa'adinsa zai cika kafin albashinka na farko ya shigo.